Wannan "sai dai" ɗin me ya zo karyawa?

Kwanakin baya wani ƙanina da ke koyon aikin jarida ya turo min labari ta waya in duba masa, sakin layi bakwai ne kacal amma na ƙirga "sai dai" huɗu, "haka kuma" uku, ga "bugu da ƙari" can ƙasa. Na tambaye shi me ya sa, ya ce wai Yaya haka labarin Turancin yake, duk inda ya ga however sai ya sa "sai dai", inda ya ga moreover ya sa "bugu da ƙari". To ai shi ma mai Turancin ba lallai ne ya sa su daidai ba, kwafo kuskurensa kawai aka yi.

Ni a ganina waɗannan kalmomi alkawari ne ake yi wa mai karatu. In ka ce "sai dai" ka gaya masa ya shirya, abin da ke tafe zai karya ko ya rage ƙarfin abin da ya ji yanzu. Ga yadda ƙanin nawa ya rubuta: "'Yan sanda sun ce mutum biyar suka rasu a hatsarin. Sai dai sun ce an kai waɗanda suka ji rauni asibiti." Me kai mutane asibiti ya karya a maganar mutum biyar? Babu. Bakin da ya faɗi na farko shi ya faɗi na biyu, "sun kuma ce" ta wadatar. Abin haushin shi ne can ƙasa, inda mutanen garin suka ce su gawa tara suka yi wa sallah, nan ya sa "haka kuma", wato daidai wurin da ake da saɓani na gaske ya shafe shi kamar ƙarin bayani ne, wanda ke karantawa a gurguje cikin adaidaita ba zai ma lura alƙaluman sun ci karo ba.

Gyaran ba wuya. Goge kalmar, ka karanta jimlolin biyu tsirara da ƙarfi, sannan ka tambayi kanka ta biyun me take yi wa ta farkon. Ɗauki wannan daga wani labarin ƙanin nawa: "Ambaliya ta cinye gadar shiga garin. Bugu da ƙari farashin tumatir ya tashi." In motocin kaya ne suka kasa shigowa to ba ƙari ba ne, sakamako ne, "shi ya sa" ake so. Amma fa nan ake zamewa, don "shi ya sa" da'awa ce, ka ce wannan ne ya jawo wancan, in ba ka je kasuwa 'yan gwari sun gaya maka haka ba to ba ka da ikon sa ta, wataƙila ma tumatirin ya tashi tun kafin ruwan. A nan gara ka raba su ko ka jingina maganar ga wanda ya faɗa. Sau da yawa mai rubutu yana fakewa da "haka kuma" ne saboda shi kansa bai san alaƙar ba, ba ya kuma son komawa ya tambaya.

Akwai masu cewa ai salon labarai ne, kunne ya saba, a rediyo ma tana ba mai karantawa wurin numfashi. Na yarda da batun numfashin, amma aya ma tana ba da shi kuma ba ta yi wa kowa ƙarya. Wasu kuma gyaransu shi ne musanye, su cire "haka kuma" ta biyu su sa "kazalika", ta uku "har ila yau", an canza riga mutum yana nan.

Kuma Hausa ba ta talauce ba balle a ce dole ce. Muna da "alhali" in mutum ya faɗi abu gaskiya ta nuna akasi: ya ce an biya albashi alhali ma'aikata ba su ga alat ba. Muna da "duk da haka" in an yi tsammanin abu bai faru ba, ga "ashe", ga "tunda", ga "ballantana". Sannan ƙananan nan, ma da kuwa da dai da kam da fa, da ba sa buƙatar zama a farkon jimla: "Mutanen garin kuwa sun ce tara ne." Kalma ɗaya ta yi aikin.

Da muka gama da labarin ƙanina "sai dai" ɗaya ta rage cikin huɗun, ita ma matsar da ita muka yi zuwa gaban maganar mutanen garin. Batun tumatirin kuwa na ce ya koma kasuwa ya tambayo.