Labule ba ƙofa ba ne, Hajiya

Saƙon muryar nan da ke yawo tun shekaranjiya, wanda wata baiwar Allah ke magana kan saitin YouTube mai ɓoye bidiyon da bai dace da yara ba, tana cewa "ki kunna Restricted Mode kawai ki miƙa masa wayar, kin gama", ya iso zauren wasap na gidanmu sau uku. Sau uku! Har Yaya Babba ta ɗora masa addu'a da alamar tafi. To sannunku da ƙoƙari, an gama tarbiyya da maɓalli ɗaya.

Jiya a gidan suna, 'yar ƙanwata mai shekara 9 ta karɓi wayar uwarta a gabana, ta shiga Settings, ta taɓa General, ta kashe abin, ta ci gaba da kallonta tana cin cincin. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Uwar kuwa tana gefe tana yi wa mata bayanin yadda ta "kulle" waya.

Restricted Mode labule ne. A manhajar YouTube ta waya ba shi da lambar sirri, duk hannun da ya kunna shi, wani hannun zai kashe shi. Kuma a inda kika kunna shi kaɗai yake aiki. Kin kunna a manhaja, yaro ya ɗauki wayar babansa ko ya zauna gaban talabijin ɗin falo, babu shi. Ko a kunne yake, na'ura ce ke tace bidiyon, tana duba take da bayanin da aka rubuta a ƙasa da makamantansu, kuma su kansu masu YouTube sun faɗa cewa ba ya kama komai. Yanzu ki gaya min, batsar da ake yi da Hausa cikin habaici, a sa mata take "wasan barkwanci", wace na'ura ce za ta gane ta? Amfaninsa ɗaya da na yarda da shi: yana ɓoye sharhin da ke ƙarƙashin bidiyo. Saboda haka in kin karɓi wayar kin ga sharhi ya bayyana, to an kashe miki shi, kar ki tsaya tambaya.

Matsalar tun daga tushe take. Wayarki asusun babba ne a kanta. Duk abin da kika kalla, shi za a riƙa turo wa yaron, duk abin da ya kalla kuma zai cika miki fuska. Wayar da aka ba yaron ma, wa ya buɗe masa imel? Mai shagon waya. Shekarar haihuwa ya sa 1990 don kar abin ya tsaya masa da tambayoyi. Ɗan shekara 10 ya zama magidanci mai 'ya'ya a wajen Google, sannan mu zo muna mamakin abin da ake nuna masa.

Ga abin da na yi wa nawa ɗan, mai shekara 10, da tsohuwar wayata, don kar a ce surutu kawai na iya. Na sauke Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, a wayata, kyauta ne. Na buɗe masa asusu daga ciki da shekarar haihuwarsa ta gaskiya, domin ɗan ƙasa da 13 asusunsa a ƙarƙashin na iyaye yake zama. Na cire nawa asusun daga tsohuwar wayar gaba ɗaya, na shigar da nasa. A ɓangaren YouTube aka ba ni zaɓi uku: Explore na 'yan shekara 9 zuwa sama, Explore more na 13 zuwa sama, sai Most of YouTube, wanda kusan komai ne ban da abin da aka ware wa manya. Na ɗauki na farko. Bambancinsa da labulen can shi ne, daga wayata ake canza shi. Ya yi ta danne-dannensa har gobe, ba zai motsa ba.

Sai lokaci. Awa ɗaya a ranakun boko, awa biyu ranar Juma'a tunda babu Islamiyya da yamma. A cikin awar nan YouTube minti 40 na ba shi. Daga 8:30 na dare zuwa 7 na safe wayar a kulle take, kira kawai ya rage. Ba na faɗa, ba na ƙwace waya, ita ke kulle kanta ya ajiye yana ƙunƙuni.

Kwana huɗu na yi ina jin kaina gwana. A na biyar na duba rahoton da Family Link ke nunawa na mintunan kowace manhaja, na ga YouTube minti 40 cif, amma wata burauzar da ta zo da wayar ta cinye sauran lokacin kaf. Ashe in mintunansa sun ƙare, ta can yake zagayawa ya ci gaba da kallo, kuma tace shafukan da na saita a Chrome kaɗai yake aiki. Na toshe waccan burauzar, na sa duk manhajar da zai sauke daga Play Store sai na amince daga wayata. Wallahi ban yi fushi ba, dariya ma na yi, ɗan Hausa ne, in ka rufe ƙofa zai duba katanga. Amma da labule na dogara da shi, ta ina zan san an zagaya?

Na san masu cewa "mu waya ɗaya ce a gidan". Na ji, haka yawancinmu muke. Sauke YouTube Kids, ki zaɓi rukunin shekarunsa, na ƙanana sosai ma ki zaɓi tashoshin da hannunki, akwai wannan damar a ciki. Ki sa lambar sirri taki, domin in ba ki sa ba, lissafin sau ne yake tambaya kafin a shiga saiti, kuma ɗan aji huɗu ya fi ki haddar jadawalin. Ki kunna Timer. Sannan ki nemi App pinning a saitin tsaron wayar ki maƙale shi a manhajar, yadda ba zai fita ba sai da lambar buɗe wayarki. In kuma ya riga ya san lambar, ai ba sai na faɗa ba.

Masu cewa "a hana su wayar baki ɗaya" kuwa, Allah ya ba da sa'a, ku dawo ku ba mu labari ranar da kuke tuƙa tuwo jariri yana tsala ihu. Ko da yake a kan jarirai kam ina tare da ku, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 bai kamata a zaunar da shi gaban allo ba, 'yan 2 zuwa 4 kuma kar su wuce awa ɗaya a rana. Masu cewa "addu'a ce maganin" kuma, wa ya hana? Da addu'ar muke kwana, amma ba mu fasa sa sakata ba.

Abin da ke damuna da gaske, ba wasa, shi ne uwar da ta saurari saƙon muryar nan ta kwanta hankalinta kwance. Ba sakaci ta yi ba, ta yi iya abin da aka gaya mata. Gara wadda ta san wayar a buɗe take, ita aƙalla tana leƙawa.

Kuma duk wannan bai taɓa katin memori ba. Naira kaɗan yaro zai kai wa masu tura fina-finai a bakin layi su cika masa shi, ko abokinsa ya turo masa ta Xender a bayan aji, babu data, babu tacewa. Ranar nan na tsaya a wata rumfar na ce a tura min karatun Alƙur'ani, yaron shagon ya ce "Hajiya in ƙara miki da sababbin Indiya-Hausa?" Na ce a'a. Na iso gida na tarar ya sa min guda shida, kuma ya caje ni kuɗinsu.