Ƙorafina Kan Mai Tona da Bai San Mazaunin Boris Ba

Jiya na sauke boris na uku cikin wata biyu daga injin niƙana, yana zafi kamar an ciro shi daga murhu, alhali shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da boris ke zama a kanta, sabo ne, kuɗi na biya aka yanka mini shi. Da na haska tocila a bayan boris ɗin, sai na ga haske yana ratsawa tsakanin zobensa na ciki da kafaɗar shaf, wato tudun da ya kamata ya jingina da shi. Gefe ɗaya ya kusa taɓawa, ɗaya gefen kuwa takarda tana shiga.

Na ɗauki shaf na koma wurin mai tona, wato mai injin sassaƙa ƙarfe da ya yanka mini shi, na yi sallama, na ce: "Malam, boris ɗin nan lamba 6205 ne, raminsa milimita 25, kuma bakin zobensa an shafe shi da kimanin milimita 1 kacal. Lanƙwasar da ka bari a gindin kafaɗa ta haura milimita 2, saboda haka zoben a kanta yake hawa, ya karkace tun bai isa kafaɗar ba."

Bai ko ɗaga kai ba. Sai da ya gama kurɓar shayinsa, ya goge baki, sannan ya ce: "Alhaji, shekarata ashirin a kan injin nan. In na yi kusurwar da kaifi, a nan shaf zai karye. Ka sa guduma, zai zauna."

Guduma! Maganar karyewa gaskiya ce, domin kusurwa mai kaifi a nan tsagewa take farawa, amma ai ba kaifi na nema ba. Lanƙwasar da ba ta wuce milimita 1 ba nake so, ko kuma a ɗan kwarzane gindin kafaɗar ciki yadda zobe zai wuce ta samansa. Na kuma nuna masa cewa kaurin kafaɗar milimita 27 ne, tsayinta milimita 1 ke nan, daidai da shafaffen bakin zoben, don haka ko an gyara lanƙwasar babu shimfiɗaɗɗen wurin da zai dafa. Masu ƙera boris suna neman kaurin kafaɗa wajen milimita 31, ba kuma a zarce sosai ba, don abin cirowa ya sami inda zai kama zoben. Gwanin shekara ashirin ya ce shi da ido yake awo, gyara kuma sabon kuɗi ne.

To, wa zan kama? Makarantun fasaha na gwamnati injinansu sun yi tsatsa, yaro yana gama koyon sana'a bai taɓa buɗe littafin awon boris ba, babu kuma hukumar da ke tambayar mai tona shaidar ƙwarewa kafin ya karɓi aikin mutane. Mu kuma mun saba ɗora laifi a kan jabun boris, mu sayi wani mu buga. Yau mata sun juya da kwanukan masararsu, ni kuma ina neman mai tona da ya mallaki ma'auni.