Manhajar 'yan albasa: a ina ya kamata a karɓi kuɗin?

Matasanmu masu ƙera manhaja a nan Sakkwato, da zarar ka tambaye su ta ina kuɗi zai shigo, amsar ɗaya ce: "Za mu sa talla." Ni kuwa ina ganin ga manhajar da aka yi domin wata sana'a guda, talla ita ce hanya mafi rauni, kuma lissafi ne ya nuna haka.

A ce ka yi manhajar da ke nuna farashin buhun albasa a kasuwannin Gada, Illela da Acida, tana kuma haɗa mai kaya da mai saye daga Kudu. A ce mutum 300 ke buɗe ta kullum, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wannan harka, kowa yana ganin talla biyar. An nuna talla 1,500 ke nan a yini. AdMob kuwa, tsarin Google na sa talla a manhaja, abin da yake ba ka ana auna shi ne a kan kowane nuni dubu. Mu ƙaddara rabin dala ake samu a dubu ɗaya: a wata ba ka wuce dala 23 ba. Kuma ba za su tura maka ko sisi ba sai kuɗin sun kai dala 100, wato sai ka jira fiye da wata huɗu. Ga data da tallar ke cinye wa manomi. Ga babbar damuwa: in ba ka shiga ka toshe rukunan da ba ka so ba, wata rana dattijo zai buɗe don duba farashi ya ci karo da tallar bashi da ruwa ko hoton da bai dace ba. Daga ranar ya goge manhajar, kuma zai faɗa a majalisa.

Biyan wata-wata ya fi kyan gani a takarda. Naira 1,000, Google ya cire kashi 15 cikin ɗari, ka tashi da 850. Amma albasa tana da lokacinta. Wanda ya sayar da kayansa ya gama, me zai biya wa a watannin da ba ya da ko buhu ɗaya? Sannan mutanenmu tiransifa suka saba da ita, ba su yarda a riƙa zarar kuɗi daga katinsu ba su sani ba. Sayar da manhajar sau ɗaya kuma ban ma tsaya a kai ba. Ka karɓi kuɗi yau, hayar sabar da ladan masu turo maka farashi daga kasuwanni suna nan kowane wata.

Abin da nake goyon baya shi ne la'ada. Duba farashi ya zama kyauta, a karɓi kuɗi ranar da ciniki ya faɗa. Ba sai ka yi wa ɗan kasuwa dogon bayani ba, da dillali ya tashi ya gani. A ce an yi cinikin buhu 100, ka sa Naira 300 a kowane buhu, Naira 30,000 ke nan. Tunda albasa kaya ce ta zahiri, dokar biya ta Google Play ba ta hau kanta ba, kana iya bi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, wanda cajinsa na cikin gida kashi 1.5 ne da ƙarin Naira 100, kuma ba ya wuce Naira 2,000 komai girman cinikin. Ciniki kaɗan irin wannan a wata sun fi abin da tallar nan za ta kawo.

Sai dai la'ada tana da ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Alhaji da mai sayensa na Onitsha sun haɗu ta manhajarka sau ɗaya, sun karɓi lambar juna, ciniki na biyu a waya za a yi shi, kai ko labari. Za ka gane haka in ka ga masu buɗe manhaja suna ƙaruwa, ana ta tuntuɓar juna, amma mutum biyun da suka yi ciniki ba sa sake biya ta wurinka. Ɓoye lambar waya ba ya maganin wannan, haushi kawai yake ba mutane.

Maganin shi ne ka riƙe abin da waya ba za ta ba su ba. Mai albasa tsoronsa ya loda mota kuɗi su maƙale, mai saye tsoronsa ya biya a kawo masa ruɓaɓɓiya. In kuɗin suna ajiye har sai kaya sun sauka an duba, kuma akwai wakilinka da ya ga buhunan kafin a ɗinke bakinsu, Naira 300 ba za ta yi wa kowa nauyi ba. Amma ajiyar nan kada ta zama a asusunka na kanka. Ka bi ta kamfanin da ke da lasisin Babban Bankin Najeriya, kuma ka rubuta tun farko wa zai ɗauki asara in mota ta lalace a hanya kaya suka kwana uku cikin zafi.