Haɗin gajiya da gyambon ciki: cin abinci kaɗai ba kariya ba ne

Da magariba ta yi, sai ka ga leburori da 'yan dako a bakin kemis suna cewa "a ba ni haɗin gajiya". A zuba musu ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna, ba kwali, a ce "ka dai ci abinci tukuna". A ganina wannan shawara ta yi kaɗan, har ma tana sa mutum ya saki jiki.

Ciki yana da wata majina da ke rufe bangonsa don kada ruwan tsamin da ke narka abinci ya ci shi. Sinadarin da ke sa a samar da majinar, shi ne diklofenak da ibufrofen da firoksikam da asfirin suke dannewa domin su kashe ciwo. Ta cikin jini suke wannan aiki. Saboda haka tuwo zai iya rage ƙunar da ake ji, amma ba zai hana gyambo ba, kuma allurar diklofenak ma ba ta bar ciki lafiya ba.

A ɗauki dattijo mai shekara 66 da ciwon gwiwa. Kullum yana shan haɗin da ke da diklofenak da ibufrofen, wato magani iri ɗaya sau biyu, ga maganin kumburi fredinisolon a ciki, ga kuma asfirin da likita ya rubuta masa don zuciya. Kowanne ƙara haɗarin yake yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, gyambon kan yi jini ba tare da ciwon ciki ba. Sai dai a ga bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, ko amai da jini, ko jiri da farin ido. Wanda ya ga haka, asibiti zai nufa a ranar. Maganin ƙarin jini ma kan baƙanta bayan gida, amma ba a gida ake yanke wannan hukunci ba.

Me ya kamata dattijon nan ya yi? Ya kai ledar wa likita a duba yadda zai bar haɗin, domin fredinisolon ba a yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha. Asfirin ɗinsa kuwa kada ya daina da kansa. Ga gwiwa, a fara da man shafawa na diklofenak, da kuma shan farasitamol, kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini. In dole sai ibufrofen, to shi kaɗai, na 'yan kwanaki, tare da omifrazol miligiram 20 kafin karin kumallo. Omifrazol ciki yake karewa, bai kai ga ƙasan hanji ba.

Masu kemis kuma, ku faɗa wa mai saye sunan kowace ƙwaya, ku tambaye shi ko ya taɓa yin olsa kafin ku ƙulle ledar.