Kusurwar da Ba Ta da Dalili, Rabin Amsa Ce

Ƙannena masu fama da lissafin da'ira, idan aka turo muku hoton zane a waya, kada ku yarda da ido. Mai ɗaukar hoton ya ɗan karkata hannu kawai, sai da'ira ta koma kamar ƙwai, kusurwa mai digiri 90 ta tsuke ko ta buɗe. Ɗora ma'aunin kusurwa a fuskar waya kuwa aikin banza ne. Ku sake zana shi a takarda, ku sa abin da tambayar ta faɗa kaɗai.

Ni ma na taɓa shan ƙasa a nan. Layin BD ya bi ta gefen ɗigon cibiya, a hoton kamar ya ratsa ta, na ɗauke shi dayamita na rubuta 90°, duk abin da ya biyo baya ya rushe. Da na tsaya rubuta dalilin, "kusurwa a rabin da'ira", ai da na tambayi kaina: wa ya ce BD dayamita ce?

Ga misali. O ce cibiya, A, B, C da D suna kan da'ira, kusurwar AOC 130° ce. B na kan babban baka, D na kan ƙaramin.

ABC = 65°. Dalili: kusurwar cibiya ninki biyu ce ta kusurwar bakin da'ira idan baka ɗaya suke kallo. Kada ku rubuta "130 ÷ 2" ku wuce. Wannan aiki ne, ba dalili ba. Ku ambaci bakan, ƙaramin baka AC.

OAC = 25°, domin OA da OC duk radiyos ne, alwatikar AOC na da gefe biyu daidai: (180 − 130) ÷ 2.

A kan ADC ne ake yawan zamewa. Mai gaggawa zai hango AOCD, ya ga gefe huɗu, ya cire 130 daga 180 ya rubuta 50°. To, malam, rubuta dalilinka mu gani. "Kusurwoyi masu fuskantar juna a siffa mai gefe huɗu da duk kusurwoyinta ke kan da'ira suna haɗuwa su ba da 180°." Kana kaiwa "kan da'ira" alƙalaminka zai tsaya, don O a tsakiya take zaune, ba ta taɓa bakin da'ira ba. Siffar da ta cika sharaɗin ita ce ABCD, abokiyar D kuwa B ce. Saboda haka ADC = 180 − 65 = 115°.

In kuna shakka, ku biyo ta wata hanyar. D babban baka take kallo, kusurwarsa a cibiya 360 − 130 = 230°, rabinta 115°. Wannan ma layi biyu ne, kowanne da nasa dalilin: kusurwoyin da suka kewaye ɗigo ɗaya 360° ne, sannan dokar cibiya.