Da an ce ba a ɗauke ka ba, akwai tambaya guda da ta rage maka

Ƙanwata ta gama karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ta taho Yamai wurina tana neman aiki. Watan jiya wata ƙungiya mai zaman kanta ta kira ta antiretiyan, suna neman mataimakin kwantabul. Bayan kwana goma saƙo ya shigo: sun gode, amma sun ɗauki wani. Ta ce mini, "Yaya, ba rabona ba ne." Na ce haka ne, rabo na Allah ne. To amma me suka tambaye ki, kuma a ina kika ji ƙafarki ta zame? Ta yi shiru. Minti arba'in ta yi gaban mutum uku, ta fito ba ta riƙe komai ba sai ɓacin rai.

Wannan ne ke damuna da yadda muke neman aiki. Mutum ya biya kuɗin hotokopi, ya kai takardu a buga musu hatimi, ya biya taksi ya je ya dawo, sannan ya bar abu mafi tsada a cikin ɗakin, wato abin da mutanen nan suka gani gare shi. Mun ɗauka tambaya rashin kunya ce, ko kuwa rashin tawakkali. Ni ban yarda ba. Na sha zama cikin masu yi wa ƴan takara tambayoyi, kuma a yawancin wuraren da na sani kowane ɗayanmu yana da takardar maki gabansa, tambaya bi da tambaya. Amsar tana nan a rubuce. Ba safai ake zuwa nemanta ba.

Sai dai yadda ake tambayar shi ne komai. In ka rubuta "don me ba ku ɗauke ni ba?", ka sa mutum ya tashi kare kansa, zai mayar maka da cewa an samu wanda ya fi dacewa, shi ke nan. Haka in ka tura kawunka ko wani babba ya je ya ji dalili, kamun ƙafa za a ɗauka kake yi, kuma ba mai gaya wa babba aibin ɗansa. Abin da na sa ƙanwata ta yi, ta bari kwana biyu suka wuce zuciyarta ta kwanta, amma ba ta bari mako ya cika ba, tun mutanen ba su manta fuskarta ba. Ta mayar da amsa kan saƙon nan nasu, da Faransanci, layi huɗu. Ta yi godiya, ta ce ta karɓi hukuncinsu ba ta neman a sake dubawa, sannan ta roƙi a isar wa shugaban sashen kuɗi da tambaya guda: cikin amsoshinta, wacce ce ta fi rauni, wadda ya kamata ta gyara kafin wani karo? Shi ta nufa saboda shi ya yi tambayoyin aiki. Mai kula da ma'aikata sau da yawa ba shi da abin da zai ce face abin da ke cikin wasiƙar.

Bayan kwana uku bawan Allahn ya kira ta. Ya ce, "Malama, takardunki ba laifi, natsuwarki ma haka. Amma da na ba ki raproshaman, ma'anarsa kika karanto mini, ba ki yi mini shi ba."

Ga abin da ya faru. Raproshaman shi ne daidaita littafin kuɗin ma'aikata da takardar da banki ke fitarwa ƙarshen wata. Ya ce mata littafi yana nuna sefa 2,000,000 a asusun banki, takardar banki kuwa tana nuna 2,385,000. An ba wani ɗan kasuwa ceki na jika 400 bai je ya karɓa ba tukuna, banki kuma ya cire jika 15 kuɗin kula da asusu, ba a shigar a littafi ba. Nawa ne gaskiyar abin da ya rage? Ita sai ta hau bayanin amfanin raproshaman kamar yadda ake rubutawa a jarrabawa. Da ya matsa mata, sai ta ce za ta gyara littafi ya koma 2,385,000 tunda banki ba ya kuskure. Nan ta faɗi. Cekin an riga an shigar da shi a littafi, banki ne bai gan shi ba, don haka daga ɓangaren banki ake cire shi, ya rage 1,985,000. Jika 15 kuwa banki ya san da su, littafi ne bai sani ba, sai a cire su daga 2,000,000, nan ma ya rage 1,985,000. Ɓangarorin biyu sun haɗu. Kuma jika 15 ɗin kaɗai ake rubutawa a littafi, cekin ba a taɓa shi, jira ake ya fito a takardar wata mai zuwa. Wanda ya sake shigar da shi ya cire kuɗi sau biyu.

Ta san duk wannan a karatu, hannunta ne bai taɓa yi ba. Da ta zauna da zato, da cewa za ta yi Faransancinta ne ya gaza, ko kuwa dama suna da nasu. Wataƙila ma ta tafi ta biya kuɗin koyon Ingilishi alhali ba can matsalar take ba.

Ba kowace amsa ce ke da amfani ba, wannan ma a faɗa. Yadda nake rarrabewa, amsa ta gari tana nuna wani abu da ya faru cikin ɗakin, tambaya kaza, kin ce kaza. In aka ce maka "ba ka da gogewa sosai", ka sake tambaya sau ɗaya cikin ladabi, gogewa a wane aiki? In an faɗa, ka samu. In an yi shiru, ka bari. Wasu ma ba za su amsa ba ko kaɗan, musamman inda ɗaruruwa suka ajiye takardu, tuni guda bayan mako ya isa. Shi ya sa nake cewa ranar antiretiyan, kafin ka kwanta, ka rubuta duk tambayar da aka yi maka da abin da ka amsa. Ko ba wanda ya kira ka, kana da abin dubawa. Kuma in an kira ka, don Allah kada ka yi gardama. Ƙanwata ta ce ta ji bakinta yana son cewa "ai abin da nake nufi ke nan", ta haɗiye, ta ɗauki biro ta rubuta.

Abin da muka yi da amsar shi ne mayar da ita aikin hannu. Ban ce ta koma ta karanta SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kuɗi da ma'aikatu ke bi a ƙasarmu, daga farko ba. Kowane dare bayan isha'i ina shirya mata littafi da takardar banki na gwaji a Excel, in ɓoye abu uku ko huɗu a ciki: cekin da ba a karɓa ba, kuɗin da wani ya turo banki ba mu shigar ba, lamba da aka juya, 54,000 ta zama 45,000. Na koya mata cewa in bambancin ya rabu da 9 daidai, ta fara zargin juya lamba. Ina ba ta minti goma sha biyar, kuma dole ta yi tana magana da baki, tana faɗin ɓangaren da take gyarawa da dalili, saboda a gaban mutum uku shiru da biro a hannu ba ya kawo maki. Daren farko ta yi minti talatin ba ta gama ba. A dare na takwas ta gama cikin sha ɗaya.

Daga nan muka bi sauran tambayoyin da ta iya tunawa da ma'auni guda, shin ma'ana za ta karanto ko aikin za ta yi? Muka tarar haka take da lissafin harajin TVA, ta san kashi 19 cikin ɗari ne, amma in an ba ta jimillar da haraji ke ciki aka ce ta fitar da shi, sai ta cire kashi 19 kai tsaye maimakon ta raba da 1.19. Shi muke kai yanzu. Ranar Talata tana da wani antiretiyan, kuma jiya ta aika wa mutumin nan layi biyu na godiya, ta gaya masa ta yi raproshaman goma sha biyu tun ranar da ya kira ta.