Cajar sauri: kan caja, igiya da waya sai sun san juna

Ɗan yayata yana sana'ar MoMo a bakin titi a Nima, wayarsa kuwa ita ce jarinsa. A watan jiya ya manta igiyar cajarsa a cikin trotro. Kan cajar yana nan a gida, mai wat 65, wanda ya zo tare da wayar cikin kwali. Ya je Circle ya sayi wata igiya mai kyan gani, saƙaƙƙiya, mai kauri a hannu. Da daddare ya same ni ya ce, "Kawu, an sayar mini da jabu. Wayar da take cika kafin in gama wanka da karin kumallo, yanzu sai ta yi awa biyu." Na jona igiyar a tawa wayar, ta yi aiki lafiya lau. Igiyar ba jabu ba ce, mai shagon ma bai cuce shi ba. Wayarsa ce ba ta yarda da ita ba, kuma da gangan aka ƙera ta haka.

Ra'ayina a kan wannan ya rabu gida biyu. Akwai dalili na gaskiya da ya sa ba kowace igiya ce za ta ɗauki wutar da waɗannan cajoji suke turowa ba, kuma wannan dalilin ina goyon bayansa. Amma ɓoye hanyar da waya da caja suke gane juna, yadda sai kayan kamfani ɗaya kaɗai za su yi aiki tare, wannan ciniki ne kawai, kuma uzurinsa ya ƙare tun shekarun baya.

A juya kan cajar yaron a karanta ƙananan rubutun da ke jikinsa, za a ga layi kamar haka:

```
OUTPUT: 5V 2A / 10V 6.5A MAX
```

Harafin V shi ne bolt, wato ƙarfin da ake tura wutar da shi. Harafin A shi ne amfiya, wato yawan wutar da take gudana. In aka ninka su a sami wat. Bolt 10 sau amfiya 6.5 ya ba da wat 65, abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ke nan. Bolt 5 sau amfiya 2 kuwa wat 10 ne. Ashe caja biyu ce a cikin kai ɗaya, kuma ta farkon, mai wat 10, ita ake ba duk wanda ba a sani ba. Batirin wayarsa yana ɗaukar wajen wat 17 na awa guda, don haka a wat 10, in aka haɗa da asarar hanya da yadda caji yake sassautawa a ƙarshe, awa biyun da ya faɗa daidai ne.

Me ya sa wayar take ƙin karɓar ta biyun da baƙuwar igiya? Amsar tana cikin zafi. Jan ƙarfen da ke cikin kowace igiya yana ɗan tare wuta, abin da ya tare kuma zafi yake zama. Wannan zafin ba daidai da amfiya yake ƙaruwa ba, ninkin ba ninki yake yi: in amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Mu ɗauki igiya mai siririn jan ƙarfe wadda turjiyarta, zuwa da dawowa har da bakunan, ta kai om 0.2, om kuwa shi ne ma'aunin yadda jan ƙarfe yake tare wuta. A amfiya 2, zafin da za ta fitar wat 0.8 ne, hannu da ƙyar zai ji ɗumi. A amfiya 6.5, wannan igiyar dai za ta fitar da fiye da wat 8, kuma bolt 1.3 za su salwanta a hanya kafin su isa wayar. Wat 8 a cikin siririyar roba, wani kaso nasa a ɗan bakin nan da yake shiga gindin waya, a ɗaki irin namu na Zongo cikin zafin watan Maris, ga waya a kan katifa: abin da ke narkar da baki ke nan, wani lokaci ya ƙona ramin cajin. Kaurin da hannu yake ji bai nuna komai ba, don sau da yawa roba da saƙa ne suka yi kaurin, jan ƙarfen ciki kamar gashi.

To me ya kai kamfanoni ga tura amfiya mai yawa haka tun farko? Batirin waya ba ya wuce wajen bolt 4.4 in ya cika. Tsohuwar hanyar cajin sauri, irin Quick Charge na Qualcomm, ita ce caja ta turo bolt 9 ko 12 da amfiya kaɗan, sai wayar ta rage ƙarfin da kanta a cikinta. Igiya tana hutawa, amma ragewar tana haifar da zafi a cikin wayar, kusa da batiri, inda ba a son sa. A 2014 kamfanin Oppo ya fito da VOOC a wayarsa Find 7, ya juya abin: bolt 5 da amfiya 4, aikin daidaita wutar kuma aka mayar da shi cikin kan caja, zafin ya koma can jikin bango. OnePlus ya ɗauki wannan dabara da sunan Dash Charge a 2016, Huawei ma ya bi hanya mai kama da ita da SuperCharge. Daga baya aka raba batiri gida biyu a jere, don bolt 10 su shiga kusan kai tsaye.

Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Tunda kan caja ne yake ciyar da batiri kusan kai tsaye, dole ya riƙa jin halin da batirin yake ciki a kowane lokaci. Wayar tana aika masa saƙo ta cikin igiyar: ƙara kaɗan, rage kaɗan, na yi zafi, tsaya. Kafin a fara ma sai an yi sallama an amsa. Wayar ta tambayi caja ko ta iya wannan yaren, a kuma duba igiyar ko tana ɗauke da alamar da kamfanin ya sa mata, wadda a wasu igiyoyin 'yar ƙwayar na'ura ce a cikin baki, a wasu kuma ƙarin ƙafa ce ta biyar a bakin USB-A, wato babban bakin da yake shiga kan caja, mai ƙafa huɗu. In ɗaya daga cikin ukun bai amsa ba, sai a koma bolt 5. Igiyar da yaron ya saya ba ta da wannan alama, shi ke nan laifinta. Gara a koma wat 10 da a tura amfiya 6.5 cikin igiyar da ba a san cikinta ba, a nan ba ni da ja.

Inda nake ja shi ne a kan yaren. A 2014 ana iya cewa babu wata hanya ta kowa da kowa da za ta yi wannan aiki. Yau akwai. Ƙa'idar USB PD a buɗe take ga kowane kamfani, tana magana ta wata ƙafa ta musamman a bakin USB-C, kuma a cikinta akwai sashen da ake kira PPS, wanda yake ba waya damar ta nemi caja ta ɗaga ko ta sauke bolt a hankali, da taki ƙanana na kashi 2 cikin 100 na bolt ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da VOOC ya zo da shi, sai dai ba a kulle ba. Ta warware batun igiya ma: kowace igiyar USB-C mai baki biyu tana ɗaukar amfiya 3, wadda za ta ɗauki 5 kuma dole ta kasance da ƙwayar shaida da ake rubutawa E-Marker a kwali, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Tun 2021 ƙa'idar ta kai har wat 240. Cajin wat 25 da wat 45 na Samsung a kan PPS yake tafiya, shi ya sa kan caja na wani kamfani mai PPS yake cika waɗannan wayoyin da saurinsu.

Masu kare kamfanonin za su ce ƙa'idar ta tsaya a amfiya 5, su kuwa suna tura 6 zuwa sama. Gaskiya ne, kuma ga mai son wat 100 ko 120 a waya hujjar tana da ɗan nauyi. Amma mafi yawan wayoyin da ke hannun mutane a Nima da Maamobi da Madina ba su kai can ba, ba su wuce wat 45 ba, wanda ƙa'idar kowa da kowa take ɗauka ba tare da wahala ba. Wayar da za ta karɓi wat 33 daga cajar gidansu amma ta tsaya a 10 ko 15 da caja mai PPS wadda ta fi ƙarfin haka, ba batiri take karewa ba. Tarayyar Turai ta ga wannan, daga ranar 28 ga Disamba 2024 ta wajabta USB-C ga sababbin wayoyin da ake sayarwa a can, duk wadda take caji sama da wat 15 kuma dole ta iya USB PD.

Mu abin ya fi yi mana ciwo. Wayoyi da yawa a Tip Toe Lane na hannu ne, sun iso ba kwali ba caja, asalin igiyarsu kuma ba kullum ake samunta ba. Wanda ya sha dumsor ya san darajar minti 30 na wuta. Abin da nake nema daga Hukumar Ƙa'idoji ta Ghana da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ba mai yawa ba ne: a sa masu shigo da waya su rubuta lambobi biyu a kwali, wat nawa da cajar kamfani, wat nawa da cajar USB PD. Mai saye ya gani da idonsa kafin ya ƙirga sidinsa.

Kafin nan, gwajin yana hannun mai waya. A gwada caja lokacin da batiri yake ƙasa da kashi 30, don sama da kashi 80 kowace waya tana sassautawa, ko da kayanta na asali ne. A duba fuskar wayar, domin yawancinsu suna nuna sunan cajin sauri ko wata alama dabam in an gaisa lafiya. In ba ta nuna ba, a canja abu ɗaya kawai, igiya ko kai, don a san wanne ne bai amsa ba. A leƙa ramin cajin ma, ƙurar hunturu da zaren aljihu suna hana ƙafafun magana taɓa juna alhali wuta tana shiga. In bakin igiya ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, a cire nan take.

Yaron ya koma Circle da wayar da kan cajar a aljihu. Ya ce wa mai shagon, "Maigida, mai 6.5A nake so ta kamfanin wayar nan, kuma a nan za mu gwada." Sai a igiya ta uku alamar cajin sauri ta fito a fuskar wayar, daga kashi 22 ta haura 40 suna tsaye suna ciniki. Saƙaƙƙiyar ta farko tana wurina, da ita nake cajin tawa.